B1 ɗin nan da Jamus ke nema, daga ina ya fito?

Duk mai neman fasfo ɗin Jamus ya san sai da takardar B1, wato shaidar matakin iya Jamusanci, amma fa ba don shige da fice aka ƙirƙiro wannan awo ba. Ƙungiyar Council of Europe da ke Strasbourg ce ta fitar da shi a 2001, matakai shida daga A1 zuwa C2, don malamai da masu koyon yare su san inda suka kai. Shi B1 tushensa wani aiki ne na 1975 kan iya yaren da baƙo ke buƙata ya yi harkarsa ta yau da kullum ba tafinta.

Dokar Jamus ta 2000 cewa kawai ta yi mutum ya iya Jamusanci daidai gwargwado, to sai kowace jiha ta fassara yadda ta ga dama, wani ofis a ɗan yi hira da kai a ba ka jarida ka karanta shi ke nan, wani kuma sai ka yi rubutu. A 2005 aka kawo kwas ɗin zama ɗan gari, awa 600 na yare, sannan a 2007 majalisar Jamus ta rubuta B1 ƙarara cikin doka. Gyaran nan ne ma ya ce matar aure ko miji sai sun ci A1 tun daga gida kafin a ba su bizar bin iyali, shi ya sa 'yan Najeriya ke sintiri cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe a Legas.

Abin da mutane ba su cika lura ba, masana suna tsara jarabawa ne kawai, matakin kuwa 'yan siyasa ke yanka shi. Dubi DTZ, jarabawar Jamusanci ta baƙi da aka fara a 2009. Saurare da karatu tambaya 45 ne, 33 ke ba ka B1, 20 kuma A2. B1 a rubutu 15 ne cikin 20, a magana 75 cikin 100. Dole ka ci B1 a magana, sai ɗaya cikin sauran biyun. Wato direban da ya samu 80 a magana, 34 a saurare da karatu, rubutunsa ya tsaya a 9, ya haye abinsa, amma wanda ya cinye rubutu tas bakinsa ya sarƙe ya samu 70, A2 za a rubuta masa. Ni dai ina ganin da adalci a nan, don yawancin baƙi a wurin aiki suka tsinci yaren da ka.

A Yunin 2024 aka rage jiran neman fasfo daga shekara 8 zuwa 5, aka buɗe hanyar shekara 3 ga mai C1, tsofaffin leburorin da aka ɗebo daga Turkiyya da sauransu tun shekarun 1960 kuma aka ce magana ta ishe su. Gwamnati na canzawa, a 2025 aka soke ta shekara ukun. Faransa ma ta ɗaga nata zuwa B2 daga Janairun 2026, don haka mai shirin nema ya duba dokar shekarar da zai miƙa takardu kafin ya biya kuɗin jarabawa.