Ba a haramta fassara takardun shari'a da inji ba: abin da ƙa'idar ISO 18587 ta ce

Magana biyu ke yawo a tsakanin masu fassara, kuma kowacce tana tsorata wani. Ta farko cewa wai hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta haramta sa takardar shari'a a injin fassara, don haka duk kwangilar da ta bi ta inji ba ta da ƙarfi. Ta biyu, wadda masu ba da aiki suka fi yaɗawa, cewa wai ƙa'ida ta hana mai gyara ya goge abin da inji ya fitar ya sake fassarawa, aikinsa kawai ya daidaita harafi da waƙafi. Duka biyun ba haka suke ba.

Tushen ta farko ita ce ISO 20771 ta shekarar 2020, wadda ta tsara aikin mai fassarar shari'a. A cikinta an ce abin da inji ya fassara, ko da mutum ya bi ya gyara, ba ya cikin hurumin wannan ƙa'idar. ISO 17100 ta 2015 ma haka ta ce. To amma cewa abu ba ya cikin hurumina daban, cewa na hana shi daban. Ma'anarsa, wanda ya yi aiki da inji ba zai ce ya bi waɗancan ƙa'idoji biyu ba. Tasa ƙa'idar ita ce ISO 18587 ta 2017, kuma ta shafi kamfanonin fassara, da masu ba su aiki, da masu gyaran.

Sai batun hukunci, wanda shi ne ya fi firgita mutane. Babu tara, babu ɗauri. Ƙa'idojin ISO ba majalisa ce ta kafa su ba, bin su ganin dama ne. Inda suke kama mutum shi ne idan an rubuta su cikin yarjejeniyar aiki. Ka sa hannu cewa za ka miƙa cikakken gyara bisa ISO 18587, sannan ka miƙa fassarar da ta tsallake sharaɗi guda, to alkawari ka karya: a hana ka kuɗinka, ko a nemi diyya idan kuskuren ya jawo asara. Haka nan wanda ya karɓi kuɗin fassarar hannu ya kai ta inji a ɓoye, matsalarsa yaudara ce, ba amfani da injin ba.

Jimlar da ta haifi jita-jita ta biyu tana nan a ƙa'idar ISO 18587. An shawarci mai gyara ya yi amfani da abin da inji ya fitar iya yadda zai yiwu. Sai dai masu kafa hujja da ita ba sa karanta abin da ke kewaye da ita. Ƙa'idar ta ce sakamakon cikakken gyara ya zama daidai da fassarar mutum, kada a ƙara bayani kada a rage, a sake gina jimla idan ma'anarta ta karkace ko ta dushe. Ta kuma lissafa cikin ayyukan mai gyara cewa zai iya fitar da fassara daga kayan da inji ya bayar, ko ya kawo sabuwa. Sassauƙan gyara, irin na a gane kawai, a ratayen da ke ƙarshen ƙa'idar aka ambace shi, kuma ba shi ne ake wa takardar da za a sa wa hannu ba.

Yaushe ke nan ake gyara, yaushe ake sakewa? A ɗauki Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978, a ce an zuba ta a inji daga Ingilishi zuwa Hausa. Mai gyara da ya san aikinsa ba daga sashe na 1 zai fara ba. Zai je sashen ma'anar kalmomi da ke can ƙarshen dokar, ya tsayar da Hausar kowace kalma kafin ya taɓa komai. Dokar ta bambanta haƙƙin riƙe ƙasa da gwamna ke bayarwa da haƙƙin gargajiya da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Inji kan haɗe su duka ya ce "mallaka", alhali sashe na 1 ya danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wannan kuskure babba ne, amma gyara yake buƙata: ginin jimlolin na nan daidai, kalma ce za a bi a musanya, wuri bayan wuri, ana duba asali. Ba a yin sa da umarnin musanya duka a bugu ɗaya, domin wani wurin mallakar gini ake nufi da gaske.

Sashe na 22 kuwa wani abu ne. Jimla ce doguwa da ke cewa bai halatta mai haƙƙin da gwamna ya bayar ya fitar da shi daga hannunsa ba, ko wani yanki nasa, ta hanyar sayarwa, ko jingina, ko miƙa shi, ko ba da haya, ko ta kowace hanya, sai ya fara samun amincewar gwamna. Bayanta akwai togaciya, wato wuraren da ba a buƙatar amincewar, kamar lokacin da mai riƙe da jingina zai mayar wa mai ƙasa abinsa. A irin wannan jimla inji kan yi ɗayan uku. Ko ya bar "ba" ta farko ya yar da ta ƙarshe, korewa ta rikice. Ko ya manna sharaɗin amincewa a jikin abu na ƙarshe kaɗai, sai ya zama kamar haya ce kawai ke neman izini. Ko ya yar da "fara", wadda ita ce ke nuna izini kafin ciniki ne, ba bayansa ba. Abin haɗarin shi ne Hausar kan fito sumul, mai karatu ba zai ji tuntuɓe ba.

Gwajin da nake bi shi ne in rufe fassarar, in karanta asalin, in amsa tambaya huɗu: wa aka ɗora wa, me aka wajabta ko aka hana, da wane sharaɗi, ban da me. Sannan in nemi amsoshin a Hausar injin. Idan duka suna wurarensu, gyara ne. Idan ɗaya ta ɓace ko ta koma kan wani, a goge jimlar gaba ɗaya a fassara daga asali, har da togaciyarta. Faci a kan jimlar da ƙashin bayanta ya karye ya fi sabuwar fassara cin lokaci, kuma idon mai gyara yana sabawa da tsarin injin har ya daina ganin karkatar. Kada a ɗauka tsanani ne: sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne, kuma a shari'ar Bankin Sabana da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin amincewar gwamna.

Haka ake yi wa duk inda aka wajabta abu inji ya ce "zai", kamar labarin gobe ake bayarwa. Lambobin sashe, ranaku da adadin hekta kuwa, zagaye na musamman ake ware musu a ƙarshe, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda nake ganin ƙa'idar ta bar mai gyara a rana shi ne kuɗi. Ta nemi ya ƙware kamar cikakken mai fassara, ta ɗora masa sakamako irin na fassarar hannu, amma ba ta tsayar masa da farashi ba, kuma kasuwa ta saba biyan gyara ƙasa da fassara. A Hausa, inda inji bai ga rubutun shari'a da yawa ba, sassan da suka fi nauyi su ne aka fi sakewa. Ƙa'idar dai ta nemi a fara tantance ko takardar ta dace da inji kafin a soma aiki. Mai gyara na da damar tsayawa a kan wannan: ya nemi a ba shi shafukan da ke da togaciya da sharuɗɗa, ba gabatarwa ba, ya gwada, ya ƙirga jimlolin da sai an sake, sannan a yi ciniki.