Wai "homon" ɗin nan da kowa ke kira, ku zo mu duba shi a jikin mulufi

Kwanan nan ba ka buɗe rediyo ka ji mai tallan maganin maza bai ce "homon" ba. Yaro ya yi rashin kunya homon, mutum ya ƙara aure homon, har wani na ji shina cewa tsuntsaye ma da damina homon ke sa su murna su yi ta waƙa. To wannan na ƙarshen shi ya tsaya min a rai, don an mayar da kalmar kamar ma'anarta sha'awa ko ƙarfi, alhali ba haka take ba. Homon ɗan saƙo ne kawai, wani sashe na jiki ya zuba shi cikin jini ya je ya gaya ma wani sashe lokacin kaza ya yi. Kuma ba guda ba ne, suna da yawa.

Duk wanda ke shiga fadamar Argungu ko gonakin shinkafar Bakolori ya san mulufi. Da rani ba ka gane namiji da mace, duk toka-toka ne masu zane, suna yawo garke guda ba faɗa. Ruwa na zama, haki ya tashi, ƙwari su yawaita, sai namijin ya sake gashi ya fito ja da baƙi, ya kama ɗan wuri cikin gamba ko dawa ya ce nan nashi ne. A Turai tsawon yini ke ba tsuntsu wanga labari, mu nan bambancin yinin rani da na damina bai wuce awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa ruwa da abinci ke da babbar magana. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, 'ya'yan marainansa da suka ƙanƙance da rani su kumbura, su fara zuba wani homon mai suna testostiron, daga nan sai tsiwa da kuka da kora.

Wurin da masu tallan ke ɓata ke nan, su a wajensu komai testostiron ne. A 1849 wani Bajamushe Arnold Berthold ya fiɗiye zakaru, suka bar cara, zanko ya ƙi girma, da ya mayar musu da marainan cikin ciki sai cara da faɗa suka dawo. To amma a shekarun 1930 Emil Witschi ya gwada a Amurka da irin su mulufi, ya fiɗiye namiji, lokaci na yi sai ga gashin damina ja da baƙi ya fito abinshi, don wani homon ne daban daga ƙasan ƙwaƙwalwa ke riƙe da wannan. Shi kuma launin jan, daga abin da ya ci yake haɗa shi.

Batun murna kuma, Allah na tuba, ina murna a nan? Ka tsaya ka kalle shi, in wani namiji ya matso sai ya tada gashin wuya da na gindin wutsiya ya zama dunƙule, ya ninka girmansa a ido, ma'ana ka ga ni, kar mu kai ga duka. Faɗan gaske na iya karya fiffike, gara barazana. In kuwa mace ce ta gifta, sai ya tashi a kumbure shina wani shawagi a hankali bisa haki yana ɗan tsirit-tsirit ɗinshi, ya ja ta zuwa sheƙar da ya saƙa. Ta duba, in ta yi mata ta zauna ta yi ƙwai, shi ko ya koma saƙa ma wata. Kukan ma rabinsa ba don mata ba ne, don korar sauran maza ne. John Krebs ya nuna haka a wani daji kusa da Oxford a shekarun 1970, ya kwashe mazan wani ɗan tsuntsu ya bar lasifika tana kukansu, wuraren da ke da lasifikar suka fi daɗewa ba wanda ya shiga. Shinge ne da murya.

Kuma abin da tsada, mai ja yana ihu bisa kara shi shaho ke fara hange, lokacin kiwo kuma ya tafi wajen gadi. Shi ya sa ana gama kiwon 'ya'ya, wajen kaka, homon ya sauka, ya zubar da jan ya koma cikin garke.

Masu kiwon kaji da tantabaru ku lura, ba duk buɗa gashi ne neman aure ba. Na neman aure yana tsaye ƙyam, akwai wanda yake yi ma, yana kuka yana zagaye, an jima kaɗan gashin ya kwanta. Wanda ya buɗe gashi ya takure waje guda, ido a lumshe, fiffike a sake, ba ya ci, wannan sanyi ne ko ciwo, a ware shi daga sauran tun da wuri.