Don Allah a daina goge layin tazara daga zanen ƙididdiga

Abokan aiki, abu ɗaya nake ta gani a rahotannin rigakafi, kuma ya ishe ni. A kawo zane mai ginshiƙi biyu, unguwa ta farko kashi 60 na yara an yi musu rigakafi, ta biyu kashi 66, an goge ɗan layin nan da ke tsaye a kan kowane ginshiƙi, wai don kada ya rikitar da mutane. Kafin a tashi taro an yaba wa ma'aikatan unguwa ta biyu, an tsawata wa na farko. A kan me?

Yara 100 aka duba a kowace unguwa. Da a ce wasu 100 ɗin daban aka ci karo da su, da adadin ya canza. Layin tazara shi ke nuna iya inda zai iya kaiwa. Ga lissafin tazara mai tabbacin kashi 95, inda p shi ne kason da aka samu, misali 0.60 ga kashi 60, n kuma adadin yaran da aka duba:

```
p ± 1.96 × √(p(1 − p)/n)
```

Unguwa ta farko ta kama daga 50 zuwa 70, ta biyu daga 57 zuwa 75. Ku duba yadda suka shige cikin juna. Ratar maki 6 a yara 100 ba ta isa a ce wata ta fi wata ba, dacen gidajen da aka shiga kaɗai zai iya kawo ta. Duk wanda ya goge layin, wannan ya ɓoye wa jama'a.

Na san da kyakkyawar niyya kuke yi. Amma mutane ba sa kasa ganewa, mu ne ba ma yin bayani. Ku ɗora yatsa a kan layin ku ce: "Mun duba yara 100, mun samu 60. Ba kowane gida muka shiga ba, saboda haka ainihin adadin yana iya zama ƙasa kamar 50 ko sama kamar 70." In an tambayi ma'anar kashi 95, ku ce in aka maimaita binciken sau 20, kusan sau 19 layin zai kama adadin gaskiya.

Kafin ku fitar da zane:

- Ku rubuta adadin yaran da aka duba da irin layin da kuka sa a ƙarƙashinsa.
- A Excel kada ku danna Standard Error, daga tsayin ginshiƙan yake lissafi. Ku zaɓi Custom ku shigar da naku.
- Zanen wata-wata kuwa, a sa masa inuwa mara duhu sama da ƙasan layin da ke haɗa watannin, don ta nuna tazarar.
- In layin ya yi tsawo, a ƙara yara, kada a datse shi. Sai an duba 400 yake raguwa zuwa rabi.

Lissafin nan na yaran da aka zaɓo ɗaiɗai ne bisa ƙuri'a. In rukuni-rukunin gidaje aka bi, tazarar takan fi haka faɗi. Kuma layin bai san da gidan da kuka tsallake ko uwar da ta manta allurar da aka yi wa ɗanta ba. Wannan da bakinku za ku faɗa a wurin taron.