Malamin jami'a da rubutun maƙala: yadda ake killace lokacin da ɗalibai ba za su katse ba

Ina koyar da kwas biyu, ina duba kundin ɗalibai 12 na ajin ƙarshe, kuma maƙalar da nake so in kai wa mujalla ta kusa shekara a shafi na huɗu. Da na zauna sai a ƙwanƙwasa ƙofa. Ya zan yi?

Malam, kafin ka rufe ƙofa, fara da tsayar wa ɗaliban lokacin da tabbas za su same ka. Yawancin masu ƙwanƙwasawa da ƙarfe 9 na safe ba gaggawa ce ta kawo su ba. Ba su san yaushe za su sake ganinka ba ne, shi ya sa da zarar sun hangi motarka a gindin bishiya sai su biyo ka.

Ga lissafin da zai yi maka. Ɗalibai 12, kowa minti 15 a mako, awa 3 ke nan. Raba ta gida biyu, Talata da Alhamis, daga 2:30 zuwa 4:00 na yamma, wato tsakanin azahar da la'asar, mutum shida a kowane zama. Ka manna takarda a ƙofa mai layi shida a kowace rana, kowa ya rubuta sunansa a layin da yake so. Sharaɗi ɗaya ne: babin da za a duba ya iso maka kwana biyu kafin ranar. Masu neman sa hannu a fom ɗin rajista da masu ƙorafin maki kuma a ba su rabin awa bayan lacca.

Bayan wannan ne za ka yanka lokacin rubutu: minti 90, sau huɗu a mako, a lokaci iri ɗaya kullum idan jadawalin lacca ya bari. Daga 7:30 zuwa 9:00 na safe ya fi sauƙin karewa, don taron sashe da na tsangaya ba su cika faɗawa a lokacin ba. Kuma ka cika alƙawarin Talata da Alhamis. Idan ɗalibai suka zo sau biyu suka tarar da ofis a kulle, tsarin ya rushe, za su koma farautarka duk inda suka gan ka.

Me ya sa minti 90? Ba gara in ware Asabar sukutum ba?

Asabar ta ɗaurin aure ce da ta'aziyya da zuwa gida, kuma idan ta kuɓuce, makon ya tafi ba ka rubuta komai ba. Ko ta samu, bayan kwana shida ba ka taɓa maƙalar ba, awar farko za ta ƙare wajen tuno inda aka kwana. A zama na minti 90 kuwa, kusan minti 15 na farko na shiga cikin aikin ne, a samu kamar awa guda ta rubutu sosai, ragowar na rufewa. Daga awa biyu zuwa sama, yawancin mutane sun fara gyara jimlolin da suka riga suka gyara.

A ce kana fitar da kalma 300 a kowane zama. Kalma 1,200 ke nan a mako, maƙala mai kalma 6,000 ta zama daftarin farko a mako biyar. Da yake ba makawa wasu ranaku za su salwanta, ka sa mako bakwai a ranka.

Wanda ya shigo minti biyu kawai yake ci. Har wannan ma ɓarna ce?

Minti biyun ba su ne asarar ba. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a wani bincike na shekarar 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale a na farkon, kuma hakan yana rage masa ƙwazo a na biyun. Ɗalibi ya ce maka ba a ga makinsa na gwaji ba, ka ce ya dawo gobe, ya fita. Kai kuma ka koma kan sakin layinka kana tunanin ko takardar tasa tana cikin ambulan ɗin da ka bari a gida. Hujjar da kake ginawa, wadda ka riƙe zarenta uku a ka lokaci guda, ta warware. Katsewa uku irin wannan sun isa su cinye zaman gaba ɗaya.

A ofis zan zauna in kulle ƙofa?

Ofis shi ne wuri mafi rauni. Ɗalibi yana jin ƙarar fanka, ya san kana ciki, zai yi ta sallama, kuma ba kowa ne zai iya yin shiru ana yi masa sallama ba. Abokin aiki ma ya fi ɗalibi wuyar sallama, don shi zama zai yi a gaisa har a gangaro kan batun albashi. Gara sashen manyan ɗalibai na laburare, ko gida kafin ka fito. Idan dole sai ofis, kada takardar ƙofa ta tsaya a "ba na nan". Ta faɗi lokacin samunka: "Ina aikin rubutu zuwa 9:00. Ganin ɗalibai Talata da Alhamis, 2:30."

Waya ta shiga jaka, a kunna mata Do Not Disturb, a bar wa lambar gida da ta shugaban sashe hanya. Saƙon ɗalibai ya bi ta wakilin aji, kai kuma ka amsa sau ɗaya a rana. A cika cajin kwamfuta tun dare, a sauke maƙalolin da za a buƙata tun jiya, don kada neman PDF guda ya kai ka cikin imel.

Na samu lokacin, amma sai in zauna ina kallon allo.

Alama ce ta cewa ka shiga da "rubuta maƙala" a matsayin aikin ranar, kuma wannan ya fi ƙarfin zama guda. Aikin zama ya zama ƙarami har ka iya cewa an gama ko ba a gama ba, kamar "sakin layi biyu masu bayyana jadawali na 3". Minti biyar na ƙarshe, rubuta wa kanka layi biyu a ƙasan shafin: abin da za ka faɗa na gaba, da hujjar da za ka kawo. Gobe daga nan za ka ɗora.

Gyaran manazarta da daidaita rubutu da ƙa'idar mujalla aiki ne da ke jure katsewa, saboda haka a bar shi zuwa yamma a ofis. Idan ka rasa wata madogara kana tsakiyar rubutu, sa alamar XX ka wuce. Ka kuma riƙe ɗan littafi: kwanan wata, mintin da ka samu, yawan kalmomi, wanda ya katse ka. Bayan mako uku za ka ga ko mutum biyu ne kawai ke ta shigowa, waɗanda magana ɗaya da su ta isa, ko kuwa sa'ar ce ba ta dace ba.

Lokacin jarrabawa da makin fa? Ko shugaban sashe ya kira taro a kan sa'ar?

Taron shugaban sashe ka je, amma ka mayar da zaman zuwa wata sa'a a cikin kwana biyu, ka rubuta ta nan take. A makonnin jarrabawa, makin da kare kundi, minti 90 ba za su samu ba. Rage zuwa minti 30, sau uku a mako, ka yi ƙananan ayyuka kamar cike wuraren XX da gyara jadawali, don maƙalar ta zauna a kanka har a miƙa sakamako. Ɗaliban kundi kuma a ƙara musu zama na uku a mako huɗu na ƙarshe kafin ranar miƙawa, domin a lokacin ne ƙwanƙwasawarsu take da dalili na gaske.