Rufe saƙo mai haɗe da tantancewa: dalilin fifita GCM a kan rufewa da lambar duba ta daban

Rufe saƙo mai haɗe da tantancewa hanya ce ta kare bayanai a na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke yin aiki biyu a lokaci guda: tana ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa daga idon wanda ba shi da mabuɗi, tana kuma bai wa mai karɓa tabbacin cewa ba wanda ya taɓa saƙon a hanya. Mafi shahara a cikin irin waɗannan hanyoyi ita ce GCM, wadda David McGrew da John Viega suka tsara a shekarar 2004, hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta amince da ita a 2007 cikin kundinta mai lamba SP 800-38D. Kafin wannan salo ya yaɗu, injiniyoyi da yawa sukan lissafa lambar duba irin CRC-32 daga saƙon, su liƙa ta a ƙarshensa, sannan su rufe duka biyun tare, suna ganin hakan ya wadatar wajen gano duk wani sauyi. Bincike da hare-hare na zahiri sun nuna cewa bai wadatar ba.

## Inda lambar duba ke gazawa

An ƙirƙiri lambar duba ne domin gano kuskuren da ke aukuwa ba da niyya ba, kamar lalacewar da hayaniyar waya ko raunin sigina ke jawowa. A wannan aiki CRC-32 ba ta da laifi ko kaɗan. Matsalarta ita ce ba ta da mabuɗi, don haka kowa na iya lissafa ta, kuma tsarin lissafinta miƙaƙƙe ne, ma'ana wanda ya san canjin da zai yi wa saƙo yana iya sanin canjin da lambar za ta yi, ko da bai taɓa ganin saƙon ba.

Rufewar ita kanta ba ta toshe wannan kafa. A salon rufewa na RC4, ko na AES idan an yi amfani da shi a tsarin da ake kira CTR, mabuɗi yana samar da dogon jerin lambobi na sirri, sai a gauraya shi da saƙon bit da bit ta hanyar lissafin `XOR`, wanda ke ba da 1 idan bit biyu sun bambanta, 0 kuma idan iri ɗaya ne. Sakamakon haka, duk bit ɗin da aka juya a rufaffen saƙo, shi ne zai fito a juye a daidai wurinsa idan an buɗe.

A ɗauka wani tsari yana aika umarnin biyan kuɗi mai cewa `BIYA 1000`, kuma wani ya tsaya a tsakani yana ganin abin da ke wucewa. Ba shi da mabuɗi, amma ya san fasalin umarnin, ya san cewa adadin kuɗi yana farawa a harafi na shida. A tsarin ASCII alamar `1` ita ce `0x31`, alamar `9` kuma `0x39`, bambancin da ke tsakaninsu shi ne `0x08`. Idan ya gauraya `0x08` da bait na shida na rufaffen saƙon, mai karɓa zai buɗe ya ga `BIYA 9000`. Saura lambar duba, wadda ita ce aka dogara da ita ta tona asirin, amma ga yadda take:

```
CRC32(x XOR d) = CRC32(x) XOR CRC32(d) XOR CRC32(z)
```

A nan `x` shi ne saƙon asali, `d` shi ne canjin, wato sifili a ko'ina sai `0x08` a wuri na shida, `z` kuwa jerin sifili ne mai tsawo ɗaya da su. Maharin ya san `d` da `z` domin shi ya zaɓi canjin, saboda haka zai lissafa gyaran da lambar ke bukata, ya gauraya shi da bait huɗu na ƙarshe inda rufaffiyar lambar take. Mai karɓa zai buɗe, ya sake lissafin CRC-32, ya ga ta dace, ya amince da umarnin da ba mai shi ne ya rubuta ba.

Wannan ba zato ba ne. Haka WEP, tsarin tsaro na farko na Wi-Fi, yake aiki: RC4 domin rufewa, CRC-32 domin duba sahihanci. A 2001 Nikita Borisov da Ian Goldberg da David Wagner suka wallafa binciken da ya nuna cewa ana iya sauya saƙon WEP ta wannan hanya ba tare da sanin mabuɗi ba. Tun kafin nan, a 1998, an gano wani rauni a siga ta farko ta SSH, tsarin shiga na'ura daga nesa cikin tsaro, wanda shi ma tushensa dogaro ne da CRC-32.

Maye gurbin CRC-32 da lissafi mai ƙarfi irin SHA-256 yana rage ɓarnar, amma ba ya kawar da ita muddin babu mabuɗi a ciki. Idan mahari ya san dukan abin da wani saƙo ya ƙunsa, abin da kan faru sosai a saƙonni masu fasali ɗaya, zai iya lissafa tsohuwar lambar da sabuwa da kansa, ya musanya su a cikin rufaffen saƙon ta hanyar `XOR` kamar yadda aka yi a sama.

## Haɗawa da hannu

Maganin gaskiya shi ne lambar tantancewa mai mabuɗi, irin HMAC, wadda ba mai iya lissafa ta sai wanda ke riƙe da sirrin. Sai dai nan ma akwai tarko, domin jerin da aka bi wajen haɗa ta da rufewa yana da tasiri. A shekarar 2000 Mihir Bellare da Chanathip Namprempre suka nazarci hanyoyi uku na haɗawar, suka nuna cewa wadda ke da tabbacin tsaro a kowane hali ita ce a fara rufe saƙo, sannan a lissafa lambar tantancewa a kan rufaffen. Tsofaffin sigogin SSL da TLS, tsare-tsaren da ke kare sadarwar intanet, sun bi akasin haka, wato tantancewa kafin rufewa, a tsarin CBC da ke ƙara wa saƙo ciko domin ya cika tsawon da ake bukata, abin da ya tilasta wa mai karɓa ya fara buɗe saƙo ya duba cikon da ke ƙarshensa kafin ya san ko saƙon na gaskiya ne. Serge Vaudenay ya nuna a 2002 cewa idan na'ura ta bayyana, ta kowace alama, cewa ciko ne ya lalace ba lambar tantancewa ba, mahari zai iya gano saƙon bait bayan bait ta hanyar aika gurɓatattun kwafi yana lura da amsa. Harin Lucky Thirteen na 2013 ya cim ma hakan ta auna ɗan bambancin lokacin amsawa kawai, POODLE kuma ya biyo baya a 2014 a kan SSL 3.0. Saboda wannan tarihi ne TLS 1.3, wanda ya fito a 2018, ya watsar da duk wani salo da ba ya haɗa rufewa da tantancewa wuri guda.

## Yadda GCM ke aiki

GCM yana karɓar abubuwa huɗu: mabuɗi, da lambar da ba a maimaitawa wadda ake rubutawa `nonce` kuma tsawonta da aka fi so bit 96 ne, da saƙon, da ƙarin bayanan da ba za a ɓoye ba amma ake son kare su daga sauyi, kamar adireshi ko lambar jerin saƙo. Yana rufe saƙon da AES a tsarin CTR, sannan ya bi ta kan rufaffen saƙon da ƙarin bayanan da tsawon kowannensu da wani lissafi mai suna GHASH, ya fitar da hatimi mai tsawon bit 128. Mai karɓa yana sake lissafa hatimin, idan bai dace ba sai ya ƙi saƙon baki ɗaya, ba tare da ya miƙa ko bait ɗaya daga cikinsa ba. Babu ciko da za a duba, kuma amsar kuskure iri ɗaya ce ko da me aka taɓa.

Abin lura a nan shi ne GHASH ɗan'uwan CRC ne ta fuskar lissafi, domin dukansu suna ɗaukar bayanai a matsayin jerin bit da ake tarawa da `XOR`. Abin da ya raba su sirri ne guda biyu. Na farko, GHASH yana ninka kowane yanki na bit 128 da wata lamba `H` wadda ake samu ta rufe jerin sifili da mabuɗin, don haka mahari bai san ta ba. Na biyu, ana lulluɓe sakamakon da wata lamba ta sirri da ke fitowa daga mabuɗi da `nonce`, wadda ke sauyawa daga saƙo zuwa saƙo. Wanda ya juya `0x08` a misalin da ya gabata zai sami `BIYA 9000` a ciki kamar da, amma gyaran da hatimi ke bukata ya rataya a kan `H`, sai dai ya yi canke, kuma damar dacewarsa a gajeren saƙo ƙanƙanuwa ce ƙwarai da ba a lissafa ta a aikace.

Ga mai rubuta manhaja, ribar ita ce an ɗauke masa zaɓin da ake yawan kuskurewa. A ɗakin karatun `cryptography` na Python aikin bai wuce haka ba:

```python
from cryptography.hazmat.primitives.ciphers.aead import AESGCM
aead = AESGCM(key)
ct = aead.encrypt(nonce, data, aad)
pt = aead.decrypt(nonce, ct, aad)
```

Idan an taɓa `ct`, wato rufaffen saƙon da hatiminsa, ko `aad`, wato ƙarin bayanan, layi na ƙarshe zai tsaya da kuskuren `InvalidTag`. Ga kuma sauri, domin ana iya sarrafa yankunan saƙo a lokaci guda, kuma na'urorin zamani suna da umarni na musamman, irin AES-NI da PCLMULQDQ a na Intel da AMD, da ke gaggauta lissafin.

## Iyakokinsa

Babban raunin GCM shi ne maimaita `nonce` da mabuɗi ɗaya, kuma ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci fiye da yadda ake yi. Idan saƙonni biyu suka yi tarayya a kanta, jerin sirrin da ya rufe su ɗaya ne, don haka gauraya rufaffun biyu yana bayyana bambancin saƙonnin asali. Mafi muni, lulluɓin hatiman biyu ma ɗaya ne, gauraya su yana share shi, ya bar lissafin da abin da ba a sani ba a cikinsa shi ne `H` kaɗai. Antoine Joux ya bayyana wannan tun lokacin da NIST ke nazarin tsarin. Wanda ya gano `H` ya rushe tantancewar, ya koma iya ƙirƙirar hatimi kamar yadda ake yi wa CRC-32. Wani bincike na 2016 da Hanno Böck da abokan aikinsa suka yi ya gano sabar HTTPS 184 da ke maimaita `nonce` a GCM.

Saboda haka NIST ta iyakance saƙonnin da za a rufe da mabuɗi ɗaya zuwa 2^32 idan ana zaɓar `nonce` ta hanyar canke, saƙo ɗaya kuma kada ya wuce kimanin gigabait 64. Gajarta hatimi yana raunana GCM fiye da yadda yake raunana HMAC, shi ya sa aka fi son barinsa a bit 128. Haka kuma GCM ba ya hana a sake aiko tsohon saƙo na gaskiya, sai tsarin da ke amfani da shi ya sa lambar jeri a cikin `nonce` ko a ƙarin bayanai, kamar yadda TLS ke yi. Inda ba za a iya tabbatar da rashin maimaita `nonce` ba, misali sabar da yawa masu amfani da mabuɗi ɗaya, akan koma ga AES-GCM-SIV na 2019, wanda idan an maimaita ba ya bayyana komai sai cewa saƙonni biyu iri ɗaya ne. A na'urorin da ba su da umarnin gaggauta AES kuwa, irin wasu tsofaffin wayoyin hannu, akan zaɓi ChaCha20-Poly1305, wanda ke ba da kariya iri ɗaya, da sharaɗi ɗaya na kada a maimaita `nonce`.