Jarrabawar buɗe littafi da ta kai wa gida: ku karanta kafin ku sake buga mini waya

Malam tunda za a buɗe littafi ai ba sai na yi karatu ba ko?

Sai ka yi. Tambayar ba ta cikin littafin, ƙa'ida za ka ɗauko ka ɗora a kan matsalar da na ba ka. Wanda bai san shafi ba, rabin lokacinsa a neman shafi zai ƙare.

An ce awa 24 kuma an ce awa 3, wanne ne?

Duka biyun. Ana buɗe tambayoyi 8 na safiyar Litinin a rufe 8 na safiyar Talata, amma da ka danna ka shiga, awa 3 ɗinka ta fara tafiya ko da ka kashe waya. In ka shiga 6 na safiyar Talata awa 2 gare ka, kar ka zo mini da kuka.

Ni da abokina mun tattauna tambayar amma kowa ya rubuta nasa, satar amsa ce?

To, wannan ya danganta da abin da malamin kwas ya rubuta a takardar umarni, ba kowa ke da doka iri ɗaya ba. A wajena dai kafin tambaya ta fito ku yi karatu tare, ku yi musayar jota, babu komai. Da ta fito kuwa shi ke nan, ko "wane babi ka duba?" a guruf ɗin WhatsApp taimako ne. Wasu malaman suna yarda a tattauna in za ka rubuta sunan wanda kuka tattauna da shi a saman takarda, amma in ba a faɗa ba ka ɗauka an hana.

Kuma muna ganewa, ba don amsa daidai ta zo ɗaya ba, wannan ai dole ne. Kuskure ne ke tona asiri, mutum biyu su kawo misali ɗaya, a jere ɗaya, su ɓata shekara ɗaya. Sai dai wani lokaci yaro bai da laifi, ya kai rubutunsa shagon buga takardu a unguwar Samaru ko Kongo a Zariya, mai shago ya bar fayil a kwamfuta, na bayansa ya samu. Shi ya sa nake cewa ku tsaya a goge a gabanku, ku kuma adana takardun da kuka fara rubutu da hannu, su ne shaidarku in an kira ku gaban kwamiti. In kun riga kun tattauna, ku same ni kafin in fara maki, ya fi sauƙi wallahi.

Zan iya kwafo daga littafin?

Jimla ɗaya ko biyu, da sunan marubuci da shafi. Sauran da bakinka.

In netwok ya ɗauke lokacin turawa fa?

Kar ka bari sai minti biyar na ƙarshe. Ka mayar da shi PDF, sunan fayil lambar rajistarka, ka tura da saura minti 30 sannan ka buɗe ka tabbatar ba fanko ka tura ba. In ya ƙi, ɗauki hoton allon da agogo a jiki ka turo ta imel nan take, ba washegari ba.