Kafin ka miƙa wa majinyaci abin da ka riƙo

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma da zarar lokacin dubiya ya yi, idona ya fi zuwa kan ledojin da ke hannun mutane fiye da fuskokinsu. Na san babu mai shigowa da mugun nufi. Kowa ya riƙo abin da zuciyarsa ta raya masa zai faranta wa ɗan'uwansa. Sai dai mutumin da ke kwance a gadon asibiti ba jikinsa na gida ke gare shi ba, kuma duk abin da zai shiga bakinsa yana cikin lissafin magani, daidai da allura da ƙwaya.

Akwai wani magidanci da muka yi jinya, an yi masa aiki a hanji. Kwana biyu da fitowa daga tiyata, akwai siririyar roba da aka zura masa ta hanci har ciki tana fitar da ruwa, ga ƙarin ruwa a hannu, a saman gadonsa kuma an manna takarda mai haruffa uku, NPO. Ma'anarsu kada a ba shi komai ta baki. Da yamma ƙanensa ya zo da kwanon abinci da robar lemo mai sanyi. Ya tarar da yayansa leɓe ya bushe, murya ta dushe, yana cewa ƙishirwa yake ji. Tausayi ya kama shi. Ya ja labule ya ba shi lemon, ya ƙara masa da cokali huɗu ko biyar na abincin.

Kafin tsakar dare cikin mutumin ya kumbura tam kamar ganga. Ya fara amai kore, yana kwance rigingine ga magagin maganin kashe zafi, sai wani sashe na aman ya sarƙe shi ya wuce huhu. Washegari ga zazzaɓi, ga numfashi sama-sama, dole aka sa masa iskar oksijin da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Mutumin da muke sa ran sallama cikin mako guda ya kusa ninka kwanakinsa. Da na tambayi ƙanen, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Wallahi Sista, gani na yi Yaya zai mutu da yunwa, kwana uku bai sa komai a bakinsa ba."

Abin da bai sani ba shi ne, hanji idan an taɓa shi a tiyata yakan yi kwance na wasu kwanaki, ya daina murɗawar da yake yi yana tura abinci gaba. Duk abin da aka zuba masa a wannan hali tsayawa yake wuri guda, ruwa da iska su taru, har su juyo sama. Shi ya sa kullum za ka ji likita yana tambayar majinyaci ko ya fitar da iska ko ya yi bayan gida, yana danna cikin, yana duba yawan ruwan da robar hanci ta fitar da launinsa. Da waɗannan ake gane hanji ya farka. Ruwan da ke ɗiga a leda shi ke riƙe da jiki kafin lokacin. Bushewar baki kuwa da auduga mai danshi ake maganinta, kuma da ƙanen ya kira mu da mun nuna masa yadda zai yi da hannunsa.

Kada a fahimce ni a kan cewa duk wanda aka yi wa aiki sai an hana shi ci. Da yawa akan ba su abinci a ranar ko washegari, domin cin da wuri yana taimaka musu su warke. Mutum biyu na iya kwance gado kusa da gado, ɗaya ana lallashinsa ya ci, ɗayan an hana shi ko kurɓar ruwa. Haka wanda ke jiran shiga tiyata: ƙa'idar da aka saba ita ce a daina abinci aƙalla awa 6 kafin allurar barci, ruwa zalla kuma awa 2, sai in likita ya faɗi wani abu daban. Lomar da aka ba shi a ɓoye tana iya sa a ɗaga aikin, in kuma aka ɓoye mana, abin da ke cikinsa na iya komawa huhu yana cikin barci. Ɗan dubiya ba zai gane wanne ne wanne da ido ba. Tambaya ɗaya ce take raba gardama, a teburin ma'aikatan jinya, kafin ka ƙarasa bakin gado: "An yarda ya ci? Me aka hana shi?"

'Ya'yan itace su ne mutane suka fi sakin jiki da su, ana ganin ai ba za su cutar da kowa ba. Ga yawancin masu murmurewa haka ne, suna ma taimaka wa wanda cikinsa ya ɗaure. Amma ga mai ciwon ƙoda, ayaba da ruwan lemon zaƙi na iya zama masifa. Suna ɗauke da sinadarin fotashiyam mai yawa, ayaba guda matsakaiciya tana da wajen miligiram 400. Lafiyayyar ƙoda tana tace rarar ta fita a fitsari, ta riƙe ma'auninsa a jini tsakanin 3.5 da 5. Ƙodar da ta gaza ba ta iya wannan, sai ya hau, idan kuma ya haura 6 bugun zuciya na iya rikicewa. Abin tsoron shi ne sau da yawa majinyacin ba ya jin wata alama mai ƙarfi, sai dai kasala, kafin abin ya yi muni. Irin wannan majinyaci har ruwan shansa aunawa ake yi. Mai ciwon suga ma, lemon kwalba guda ya isa ya rushe lissafin allurar insulin ɗin da aka yi masa, kuma suga in ya hau ɗinki ba ya saurin kamewa.

Ko an yarda a kawo dafaffen abinci, a kawo daidai ci ɗaya, da zafinsa, a rufe. Abincin da ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki ƙwayoyin cuta sun fara hayayyafa a cikinsa, kuma gudawar da mai lafiya zai shanye cikin kwana ɗaya tana iya kayar da wanda bai gama farfaɗowa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne magani. Wani zai zo da ƙwayar da ta yi masa aiki a lokacin da ya yi nasa ciwon, wani da jiƙo a gora, a tura ƙarƙashin filo. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac suna iya jawo zubar jini bayan tiyata, su ƙwaƙule ciki, su ƙara raunana ƙodar da dama tana fama. Farasitamol da ake rainawa ma, idan muna ba majinyaci shi ta jijiya wani kuma yana ba shi ta baki, ya wuce giram 4 a rana, hanta ce za ta ji jiki. Jiƙo kuwa babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikinsa ko yadda zai haɗu da maganin tsinka jini. In akwai abin da majinyaci ya saba sha a gida, a kawo shi da kwalinsa a nuna wa likita a fili. Ba faɗa za mu yi ba, sanin da muka yi ne zai kare shi.

Turare mai ƙarfi a bar shi a gida, na jiki ko na kyauta. Wanda ya tashi daga allurar barci ƙamshi kaɗan ke tayar masa da zuciya, na gadon kusa kuma wataƙila mai asma ne. Inda ake sa oksijin, duk abin da ke da wuta haramun ne, kuma ba a shafa wa majinyacin basilin a hanci ko leɓe, domin mai da oksijin suna saurin kamawa da wuta. Furanni ma ɗakunan kulawa ta musamman da na masu ƙuna da na masu shan maganin ciwon daji ba sa karɓa, saboda ƙwayoyin cutar da ke zama a ruwan tulunsu da ƙasar tukunyarsu. Mai mura, tari ko gudawa ya yi dubiyarsa ta waya.

To me za a kawo? Abubuwan da na ga majinyata sun fi murna da su ƙanana ne. Ga wanda aka yi wa aikin ciki, ƙaramin filo mai laushi. Muna matsa masa ya riƙa jan dogon numfashi yana tari don huhu ya buɗe, shi kuma yana tsoro saboda zafi da fargabar ɗinki zai farke. Idan ya rungume filon ya danna a kan wurin, zafin yana raguwa, sai ya iya tarin. Riga mai faɗi wadda ake buɗewa ta gaba, don ta shiga ba tare da an cire ƙarin ruwa ba, da wando mara matse ƙugu. Takalmi mai kama dunduniya wanda ƙasansa ba ya santsi, domin tashin farko daga gado da jiri yake zuwa, silifas kuma a kan jiƙaƙƙen daɓe faɗuwa ce. Buroshi da man goge baki, sabulu mara ƙamshi, caja mai doguwar waya. Tsoho kuma a tuna masa da tabaransa da na'urar jinsa, don rashinsu na daga cikin abin da ke sa tsofaffi rikicewa a asibiti.

A waiwayi mai jinya ma. Sau da yawa ita ce ta kwana uku a kan kujera ba ta runtsa ba. Wanda ya ce mata, "Yaya, tashi ki je ki yi wanka ki kwanta, zan zauna har dare," ya taimaki majinyacin kai tsaye, domin mai jinyar da ta huta ita ke lura da canjin numfashi ta kira mu da wuri. Mai ƙoshin lafiya da ya kai kilo 50 yana iya tambaya ko ana buƙatar jini ya bayar. Wajen mililita 450 ake ɗiba, ɗibar kanta ba ta cika wuce minti 10 ba. Wanda kuma yake son yin abin da ya fi girma, ya ajiye ƙarfinsa zuwa bayan sallama, domin wanda aka buɗe wa ciki akan hana shi ɗaga kaya mai nauyi har wajen mako 6, lokacin da 'yan dubiya sun riga sun ɗauke ƙafa.

Ƙanen nan da na ba ku labari bai daina zuwa ba. Kullum sai ya tsaya a teburinmu, ya wanke hannu, ya buɗe ledarsa mu gani. Shi ya kawo wa yayansa filon tari, shi ke riƙe masa ƙarfen ƙarin ruwa suna zagaya baranda a hankali. Ran da likita ya saurari cikin ya ce a fara da kurɓar ruwa, shi muka miƙa wa kofin. Ya dube ni ya ce, "Sista, cokali nawa?"